"Ya Haƙuri?": Abin da Ake Faɗa a Gidan Rasuwa

Yayana ya rasu wata Laraba da asuba, cikin hunturu, a Zariya. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da muka dawo daga makabarta, muka tarar maƙwabta sun share ƙofar gida sun shimfiɗa tabarmi. Aka zaunar da ni kusa da baffanmu, domin ni ne babban namijin da ya rage a ɗakinmu. Kwana 3 na yi a wurin ina karɓar gaisuwa. Kafin wannan rana na sha zuwa ta'aziyya gidajen mutane, amma kullum ni ne mai zuwa in yi addu'a in tashi. Sai da na zauna a ɗaya gefen tabarmar sannan na san nauyin kowace kalma. Wata tana sauka a zuciya kamar ruwan randa, wata kuma, ko da mai ita da alheri ya zo, sai ta bar mutum yana juyi har tsakar dare.

Abin da na fara lura da shi shi ne, wanda aka yi wa rasuwa ba shi da ƙarfin magana. Bai yi barci ba, bai ci abin kirki ba, kuma hannu ɗari yana jiran nasa. Daga nan na gane hikimar kalmomin da muka gada. Gajeru ne, kowa ya san su, kuma kusan dukkansu ana amsa su da "amin" ko da kalma biyu. Mai gaisuwa ne ke ɗaukar nauyin maganar, mai makoki kuwa ba a neman komai daga gare shi. Wasu matasa kan ce gaisuwar tamu ta zama hadda, kowa abu ɗaya yake maimaitawa. Ni a wurina wannan maimaicin rahama ne. Mutumin da zuciyarsa ta cika ba ya son sabuwar magana da sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya amsa.

Kalmar ta'aziyya daga Larabci muka same ta, ma'anarta sa mutum ya yi haƙuri da kwantar masa da zuciya. A bakin mutane kuwa an fi cewa gaisuwar rasuwa ko gaisuwar mutuwa, a taƙaice ma "za mu je gaisuwa", kuma kowa ya san inda aka dosa. Idan ka saurari dattijon da ya iya ta, za ka ji maganarsa ta bi wurare uku. Yana farawa da wanda ya tafi: "Allah ya ji ƙansa, Allah ya gafarta masa, Allah ya kai haske kabarinsa." Sai ya juyo kan waɗanda aka bari: "Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, Allah ya albarkaci abin da ya bari." Sannan ya rufe da kansa da duk wanda ke zaune: "Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani." Wannan ta ƙarshen tana da aiki babba. Da ita mai gaisuwa yake nuna cewa bai zo a matsayin wanda ya tsira yana jajanta wa wanda abu ya sama ba. Shi ma yana kan hanya, rana ce kawai ba ta zo ba. Na ga yadda kafaɗun baffana ke sauka duk lokacin da aka faɗe ta.

Ita kuwa "Allah ya ji ƙansa", da yawa muna furta ta ba tare da mun lura da abin da ke cikinta ba. Ba daga jiƙa abu da ruwa take ba, ko da yake an saba rubuta ta a haɗe. Daga jin ƙai take, wato tausayi da rahama. Shi ya sa ake cewa "ya ji ƙanta" idan mace ce, "ya ji ƙansu" idan suna da yawa. Wannan ya kawo mu ga kuskure mafi sauƙin kaucewa, wanda kuma nake gani a kai a kai: mutum ya biyo ayarin abokai bai tambayi ko wane ne ya rasu ba, ya zauna yana "Allah ya ji ƙanta" alhali namiji aka binne. Ba za a ce masa komai ba, za a amsa da amin, amma an ji. Tun a hanya ake tambaya: wa ya rasu, mene ne dangantakarsa da wanda za a gaisar, ya bar iyali ko bai bari ba.

A ƙofar gida

Yadda abin yake gudana a zauren maza ba shi da wuya. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka sami gefen tabarma ka zauna ko ka durƙusa. Ba a yin gaisuwar rasuwa a tsaye ana kallon mutane daga sama, sai dai idan wurin ya cika. Idan ana tsakiyar addu'a ka shiga cikinta, kada ka katse ta da miƙa hannu. A gidaje da yawa babban wanda ya zo da ayari ne zai ce a yi salati ga Annabi, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa kaza, a yi Fatiha, a shafa. Bayan an shafa ne ake fuskantar masu rashi.

A nan akwai saɓani da ya kamata baƙo ya sani. Akwai gidajen da ba sa yin addu'ar taro da shafa Fatiha, suna ganin ba ta da asali a sunna, haka nan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wannan ra'ayi ya ƙara yaɗuwa a ƙasar Hausa tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Akwai kuma gidajen da idan ka zo ba ka ja Fatiha ba, sai su ga gaisuwarka ba ta cika ba. Malamai suna da hujjojinsu a kowane ɓangare, kuma akwai wuraren da suka dace a tattauna su. Tabarmar makoki ba ta cikinsu. A rana ta biyu wani bawan Allah ya tsaya yana yi wa baffana bayanin abin da ya halatta da abin da bai halatta ba, tsohon yana sunkuye yana cewa "to, to". Ban riƙe ko kalma ɗaya daga hujjojinsa ba, amma na riƙe fuskar baffana. Wanda ba ya shafa Fatiha yana iya zama shiru har a gama, ya yi tasa addu'ar da baki. Wanda ya saba ja, idan ya ga gidan ba sa yi, ya wadatu da "Allah ya gafarta masa". Babu ɓangaren da ke musun wannan.

Sai tambayar da ita ce zuciyar gaisuwar: "Ya haƙuri?" Wasu su ce "Ya muka ji da haƙuri?" ko "Ya muka ji da wannan rashi?" A kula da "muka". Mai tambaya ya sa kansa cikin rashin, bai ce "kuka" ba. Bahaushe a gaisuwarsa ta kullum yana tambayar aiki da kasuwa da gajiya da sanyi. A gidan rasuwa duk waɗannan suna ja da baya, haƙuri ya maye gurbinsu, domin shi ne aikin da mutanen gidan ke kai a ranar. Amsar ita ce "Da godiya", ko "Mun gode Allah", ko "Haƙuri ya zama dole". Daga nan mai rashi ya ce "Allah ya ba da lada", ko "Allah ya bar zumunci". Shi ke nan. Duka ba ya wuce minti 5, kuma ba a rage komai ba.

Akwai kalma ɗaya da ke buɗe maganar cikin ladabi, ita ce "ashe". "Ashe Malam lokaci ya yi." "Ashe an yi rashi." Tana nuna labarin ya iso ka kuma ya taɓa ka, ba tare da ka nemi a ba ka shi daga farko ba. Haka kuma harshenmu yana kauce wa cewa mutum "ya mutu" a gaban danginsa. Ana cewa ya rasu, ya cika, wa'adi ya yi, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya yi masa rasuwa. Yaro ma da aka aika gaisuwa ya kamata a koya masa wannan tun daga gida.

Cikin gida

Gaisuwar da ta fi wuya tana ciki, wurin mata. A waje ana gaisar da jama'a ne a dunƙule. A ciki kuwa kowace mace da irin rashin da ta yi, kuma kalmar da ta dace da wannan ba lallai ta dace da waccan ba.

Mahaifiyarmu tana raye lokacin, kuma yayana shi ne ɗanta na fari. Duk tsawon rayuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yayanku". Ranar da ya rasu ma kunyar ba ta sake ta ba. Tana zaune a kan darduma da carbi, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa kamar maƙwabci aka rasa. Ƙanwata ta ba ni labarin wata mata da ta dube ta ta ce, "Kai, Inna akwai tawakkali, ko a jikinta." Yabo ta yi nufi. Amma Inna ta ji kamar an ce ba ta damu ba, ita da ta kwana tana jan numfashi da ƙyar. Wadda ta iya gaisuwar ita ce wata tsohuwar ƙawarta. Ta zauna dab da ita, ba ta ambaci sunansa ba, ba ta ce "ɗanki" ba, ta ce: "Ashe babban namu ya riga mu. Mu muka so ya rufe mu, Allah ya so mu gani. Allah ya sa ya huta, ya ba ki ladan haƙuri." Sai ta yi shiru ta ci gaba da zama. A gabanta kaɗai Inna ta share hawaye. Rashin kuka a fuskar uwa, musamman a kan ɗan fari, ba ya nuna komai game da abin da ke cikinta, kuma ba aikin mai gaisuwa ba ne ya auna haƙurin mutane a gabansu.

Matar yayana tana ɗakinta ta shiga takaba, wadda Alƙur'ani ya ƙayyade a Suratul Baƙara, aya ta 234: wata 4 da kwana 10. Mai ciki kuwa takabarta sai ta haihu. Abin da ke cin zuciyar mace a wannan hali abu biyu ne, rashin miji da tunanin yadda za a yi da yara. Saboda haka gaisuwarta takan haɗa duka: "Allah ya ji ƙan maigidan, Allah ya ba ki haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari, ya shirya miki su." Abin da bai kamata a ce mata ba shi ne, "Ai ke yarinya ce, Allah zai ba ki wani." An faɗa mata haka tun ba a yi kwana 2 da binne shi ba. Addini ma ya hana a fito fili a nemi auren mai takaba, a ayar da ke bin waccan, balle a ce mutunci ya yarda a yi mata maganar wani miji ƙasar kabarin nata ba ta bushe ba. Gaskiya ne Ummu Salama, da mijinta Abu Salama ya rasu, ta roƙi Allah ya ba ta lada a musibarta ya musanya mata da mafi alheri, kuma daga baya Annabi (SAW) ya aure ta. Amma ita ce ta roƙa wa kanta, tsakaninta da Ubangijinta. Ba 'yan gaisuwa ne suka yi mata lissafin shekarunta ba.

Yaran kuwa su huɗu ne, babbansu yana da shekara 13. Mutane da yawa sun wuce su kamar ba su ne aka fi yi wa rashin ba. Waɗansu kuma suka riƙa nuna su suna "Allah sarki, marayu", har ƙaramar ta tambayi uwarta ko sabon suna aka sa musu. Yaro mai wayo a gaishe shi kamar yadda ake gaida babba, a kira sunansa, a ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba, ka riƙa yi masa addu'a." Ban yarda da masu dafa kafaɗar ɗan shekara 13 suna ce masa "yanzu kai ne uban gidan" ba. Kaya ne da baffanni ya kamata su ɗauka, ba shi ba.

Kowace mutuwa da bakinta

Idan jariri ko ƙaramin yaro ne ya rasu, addu'ar da aka sani ita ce "Allah ya sa mai ceto ne", ko "mai ceto ce". Yaron da bai balaga ba ba a rubuta masa zunubi, shi ya sa ba a dogon roƙon gafara a kansa, ana fatan ya zama sanadin rahama ga iyayensa a lahira. Akan ƙara da "Allah ya ba da mai albarka" ko "Allah ya kawo rayayye". Wannan ƙarin yana buƙatar lura. Ga macen da ta yi ɓari ko ta haifi ɗa ba rai, zai iya zama sanyi. Ga uwar da ta yi shekara 5 tana goyo da tarbiyya, jin an ce za a ba ta wani yana iya zama kamar an ce wanda ya tafi ba shi da wani bambanci da wanda zai zo. Mafi muni shi ne "ai yaro ne, da sauƙi", ko "ai kina da wasu". Babu uwar da ke ƙirga 'ya'yanta haka.

Idan mace ta rasu wajen haihuwa, ko mutum ya nutse a ruwa, ko gobara ta ci shi, ko gini ya faɗa masa, hadisai sun lissafa irin waɗannan cikin shahidai, shi ya sa za ka ji ana cewa "Allah ya karɓi shahadarta". In jaririn ya rayu, ba a yi wa gidan barka. Ana cewa "Allah ya raya abin da ta bari". Tsohon da ya daɗe yana jinya kuwa, akan ce "Allah ya sa ciwon ya zama kaffara, Allah ya sa ya huta". Waɗanda suka yi jinyar su ma suna da haƙƙin kalma: "Sannunku da ɗawainiya, Allah ya ba ku ladan abin da kuka yi." Na ga 'yar da ta yi shekara 2 tana juya mahaifinta a kan gado ta fashe da kuka da jin wannan, domin ita ce magana ta farko da ta nuna wani ya ga wahalarta.

A Zariya muna da maƙwabta Kiristoci Hausawa, musamman wajen Wusasa, kuma sun zo mana gaisuwa. Kalmarsu ita ce "Allah ya ta'azantar da ku", daga tushe ɗaya da ta'aziyya. Idan su aka yi wa rashi, Musulmi yana zuwa ya ce "Sannunku da wannan rashi, Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya albarkaci iyalin da ya bari." Babu wanda ya taɓa addininsa, kuma an sauke haƙƙin maƙwabtaka.

Inda ake ɓata gaisuwa

Duk ɓarnar da na gani a kwanakin nan 3, ba daga ƙarancin magana ta zo ba. Daga ƙari ta zo, bayan an shafa addu'a mutum ya ga kamar ya kamata ya ce wani abu nasa.

Ƙarin da ya fi yawa shi ne tambaya. "Me ya same shi? Ya yi jinya ne? Wane asibiti kuka kai shi? Ƙarfe nawa ya cika?" Mai tambaya sau ɗaya ya yi ta, amma ni da nake amsawa na koma daren nan fiye da sau 30 a yini guda: yadda ya tashi yana riƙe da ƙirji, yadda muka nemi mota, yadda hannunsa ya saki nawa. Idan mai rashi yana son ba da labarin, da kansa zai fara, kuma a lokacin aikinka sauraro ne. Idan kuwa kana son sani ne kawai, akwai maƙwabci a gefen tabarma da za ka tambaya bayan ka tashi.

Bayan tambaya sai "da". "Da kun kai shi wurin likita kaza." "Da an gwada na gargajiya." "Ai da na ji da wuri, akwai wani magani." Wannan kalma ba ta dawo da kowa, abin da take yi shi ne ta dasa wa mai rashi zargin kansa, wanda dama yana fama da shi. Hadisi ya yi gargaɗi a kanta, cewa tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Kusa da ita akwai masu raɗa cewa mutuwar ba ta Allah ba ce, akwai hannun kishiya ko abokin kasuwa. Irin wannan raɗa a ɗakin makoki ta raba zumuncin da ya fi shekarun mai raɗar.

Sai masu hana kuka. Da zarar hawaye ya zubo sai ka ji "Haba, ba kyau, addu'a yake buƙata." Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Hawaye ba ya ciki. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya kuma bayyana cewa rahama ce. Da 'yarsa ta aiko masa cewa ɗanta yana gargara, saƙon da ya mayar mata gajere ne: ya tuna mata cewa abin da aka karɓa da abin da aka bayar duk na Allah ne, kowane abu da ajalinsa, ta yi haƙuri ta nemi lada. Malamai da yawa suna ɗaukar wannan saƙo a matsayin mafi kyawun lafazin ta'aziyya, kuma in ka duba, "ya haƙuri" da "Allah ya ba da lada" a kan sawunsa suke. Idan ka ga mutum yana kuka a hankali, "sannu" ta isa, ko ka riƙe hannunsa ka bar shi.

Akwai ƙari ɗaya tak da na ga yana da amfani, shi ne shaidar alheri, idan gaskiya ce kuma takamaimiya. Yayana tela ne. Da yammacin rana ta biyu wani dattijo da suke rumfa ɗaya a kasuwa ya zo, ya yi addu'a, sannan ya ce da baffana: "Alhaji, shekara 20 muna zaune wuri ɗaya. Duk Sallah sai ya ɗinka wa yaran wata bazawara kaya bai karɓi ko kwabo ba, kuma ya hana ni faɗa. Yau na faɗa. Halinsa na gari ya bi shi." Mu 'yan uwansa ba mu san wannan ba. Na shiga ciki na gaya wa Inna da matarsa, kuma har yau yaransa suna maimaita shi. Wannan ya bambanta da "mutumin kirki ne, ba ruwansa", wanda ake faɗa a kan kowa. In kana da abu guda na gaske da ka sani, ka faɗe shi a jimla biyu. In ba ka da shi, addu'a ta wadatar, ba sai ka ƙirƙira ba.

Bashi kuma yana da ƙofarsa daban. A wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci, ko wanda mamacin ke bi, ya sami wane. To, wanen za ka nema, a keɓe, bayan an natsa. Faɗin bashin taimako ne ga wanda ya tafi, amma faɗinsa a tsakiyar tabarma tozarci ne ga waɗanda ya bari. Haka gudummawa: a miƙa ta a dunƙule cikin hannu, ko a ba wa mai kula da hidimar gidan. Game da abinci, asalin sunna shi ne a kai wa gidan rasuwa, ba a je a ci nasu ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Maƙwabtanmu sun riƙe wannan, kwana 3 ba a hura wuta a gidanmu ba. Amma na san gidajen da aka ci bashi don ciyar da masu zaman makoki, waɗanda suka yini ana hirar siyasa da farashin taki. In ba kai ɗan gida ba ne ko aminin da ake buƙatar zamansa, ka yi addu'a ka ce "Za mu koma, Allah ya ƙara haƙuri", ka ba na bayanka wuri.

Wanda yake nesa ya kira a waya, ya taƙaita, kada ya yi fushi in ba a ɗauka ba. Saƙon rubutu yana isar da addu'a, amma ga wanda kuke gari ɗaya ba ya maye gurbin zuwa, domin zumunci a ƙafa yake. Wanda ya yi tafiya bai dawo ba sai bayan wata 2, yana zuwa ya yi gaisuwarsa, ya fara da "Ashe abin da ya faru ke nan bayan ba na nan." Malamai da suka ƙi son a yi ta'aziyya bayan kwana 3, don kada a tayar da ciwon da ya fara kwanciya, su ma sun keɓe wanda ba ya gari.

Idan ka riga ka yi gaisuwa ka sake dawowa, ko kuka haɗu a hanya, ba a sake ɗauko ta daga farko. Kalma ɗaya ake ƙarawa: "Ya ƙarin haƙuri?" Ban san darajar wannan ƙarin ba sai da aka naɗe tabarmi. A rana ta huɗu ƙofar gidanmu ta koma kamar ba a taɓa taruwa ba, baƙin nesa suka hau mota, kwanukan maƙwabta suka koma gidajensu. A lokacin ne matar yayana ta fara jin shirun ɗakin, yaran suka fara tambayar wa zai kai su makaranta. Bayan mako 3, da la'asar, aka yi sallama a zaure. Dattijon nan ne na rumfar kasuwa, riƙe da leda. Ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce, "Da godiya, Baba." Ya ce ya tarar da kayan makarantar yaran a ƙarƙashin keken ɗinkin, an yanka ba a haɗa ba, shi ne ya ƙarasa. Ya miƙo mini ledar, ya ce a gaida Inna da mai takaba, ya sa takalminsa ya tafi.